Awa ɗaya da 'yan matan Aboabo: abin da za a faɗa musu game da jinin al'ada

Tambaya: Hajiya, ni malama ce a wata ƙaramar sakandare ta Islamiyya a Aboabo, nan Kumasi. An ba ni awa ɗaya in yi wa 'yan mata, masu shekara 11 zuwa 16, bayani kan tsaftar al'ada da ciwon mara da lokacin zuwa asibiti. Ke da kika daɗe a aikin unguwarzoma, daga ina zan fara, kuma me zan faɗa?

Malama, kafin ki buɗe baki ki fara da fitar da maza daga ajin, har malamai, sannan ki rufe taga ta gefen da samari ke leƙe. Na sha ganin an shirya zama mai kyau, sai shugaban makaranta ya ce zai zauna a baya "don girmama baƙuwa", daga nan babu yarinyar da za ta ɗaga hannu har a tashi. Ki raba wa kowace ɗaliba guntun takarda tun farko, ki ajiye kwali a bakin ƙofa, ki ce duk mai tambaya ta rubuta ba tare da suna ba, wadda ba ta da tambaya ma ta ninke takardarta ta jefa, don kada a gane wa ya rubuta. Abin da za ki shiga da shi ajin kaɗan ne: audugar mata guda biyu, kamfai sabo, ƙyallen atamfa mai tsafta, kalanda, babban cokali, kofin gilashi, da kwalbar sobolo.

Shawarata ita ce ki gina awar nan kacokan a kan ƙirga. Yaran nan sun riga sun ji "ku riƙa tsafta" daga uwa da goggo da malamar makarantar allo. Abin da ba wanda ya ba su shi ne ma'aunin da za su gane inda al'ada ta tsaya, inda ciwo ya fara. In kowace yarinya ta fita ajinki ta iya ƙirga awoyin da audugarta ke ɗauka, da kwanakin da jininta ke yi, da abin da ciwon mara ya hana ta yi, to kin gama aikinki, ko da kin manta rabin abin da kika shirya.

Minti goma na farko ki ba wa jikin kansa. Ki zana mahaifa a allo, ki ce girmanta bai wuce dunƙulen hannunsu ba. Kowane wata tana yin shimfiɗa a cikinta don tarbar ciki, in babu ciki sai shimfiɗar ta saɓule ta fito tare da jini. Ki tsaya a nan ki faɗa da babbar murya cewa wannan jini ba dattin jiki ba ne, ba kuma ruɓaɓɓen jini ba ne da ya taru yake neman hanya. Dalilin tsayawar shi ne, yarinyar da ta yarda cewa datti ne ke fita za ta yi murna in jinin ya yi yawa, ta ce jikinta na wankewa, alhali ƙarar da ita yake yi. Daga nan ki ɗauki cokalin ki zuba sobolo cokali uku a kofi ki ɗaga su gani. Ainihin jinin da mace mai lafiya ke zubarwa a duk kwanakin al'adarta bai cika wuce cokali biyu zuwa uku ba, ragowar abin da ke jiƙa auduga ruwa ne da shimfiɗar mahaifa. Za ki ji ajin ya ɗauki surutu, don kowa na zaton kofuna take zubarwa. Ki bar su su yi surutun, alama ce sun farka.

Sai kalanda. Ranar da jini ya fara ita ce rana ta ɗaya, ba ranar da aka yi wanka ba, kuma nan ne kusan kowa ke kuskure. Ki yi musu misali a allo: ta fara ranar 3 ga Maris, ta sake gani ranar 1 ga Afrilu, tsakaninsu kwana 29, don haka sai ta sa ido wajen 30 ga Afrilu, ta sa auduga a jakarta tun kwana biyu kafin nan. A shekarun farko zagayen ba ya tsayawa wuri ɗaya, duk abin da ya faɗa tsakanin kwana 21 da 45 lafiya ne ga yarinya, sai daga baya yake daidaita zuwa 21 da 35. Jinin kansa kwana 2 zuwa 7 yake yi. Yawancin 'yan mata suna farawa tsakanin shekara 10 da 15, kamar shekara biyu bayan ƙirgen dangi ya fito, saboda haka 'yan shekara 11 ɗin da ke gabanki, waɗanda ba su fara ba, su ne suka fi buƙatar wannan bayani. Ki faɗa musu farin ruwa marar wari da suke gani a kamfai alama ce ta cewa lokaci ya kusa, ba cuta ba ce.

Akwai wuri ɗaya da nake so ki daɗe a kai, don makarantarku ta Islamiyya ce. Yaranki sun karanta a fiƙihun Malikiyya cewa mafi tsawon haila ga mai farawa kwana goma sha biyar ne, abin da ya wuce haka istihala ne. Wannan hukunci ne na salla da azumi, kuma ba ki zo ki taɓa shi ba. Amma yarinya tana ɗaukar wannan adadi ta mayar da shi ma'aunin lafiya, sai ta yi kwana goma sha biyu tana jini kowane wata, tana ganin ai ba ta kai sha biyar ba. Uwarta ma haka ta ɗauka. Ki raba musu biyun a allo: kwana goma sha biyar na malamin fiƙihu ne, kwana bakwai na asibiti ne. Wadda jininta ya wuce mako guda tana nan a kan hukuncin da malaminta ya koya mata, amma tana buƙatar a duba ta. In da malamar addini a makarantar, ki nemi ta tsaya kusa da ke lokacin da za ki faɗi wannan, don kada a koma gida a ce kin saɓa wa littafi.

Yanzu tsafta, wajen minti goma sha biyar, kuma da hannu za a yi ta, ba da baki kawai ba. Ki ɓare auduga, ki manna a kamfai, ki ninke fikafikan, sannan ki ba wa ɗaya daga cikin manyan ɗalibai ta maimaita. Za ki yi mamakin yawan waɗanda suka shekara suna sa ta a karkace. Ana canza ta bayan awa 4 zuwa 6 ko da ba ta cika ba, don jini da gumi in suka daɗe a zafin garin nan su ne ke kawo wari da ƙaiƙayi da saɓar fata a matsematsi. Lissafa musu: in ta fita gida ƙarfe bakwai ta dawo ƙarfe uku, dole ta canza sau ɗaya a makaranta. Wannan ya sa tun kafin ranar zaman ya kamata ki leƙa bayan gidan 'yan mata ki ga ko ƙofar na kulluwa, ko akwai ruwa a buta, ko akwai bokiti mai murfi. In babu, duk abin da kika koyar zai tsaya a allo, yarinya za ta zauna da auduga ɗaya tun safe ko ta ƙi zuwa gaba ɗaya. Gwamnati ta fara raba wa 'yan mata auduga kyauta a makarantun gwamnati a 2025. In ana kawo muku, ki ware kaɗan a wurin malama mace ɗaya da kowa ya sani, don wadda abin ya zo mata ba shiri.

Kada ki kushe ƙunzugu. A kowane aji akwai waɗanda kuɗin auduga ke musu wuya, kuma in kin nuna ƙyalle abin kunya ne, sai su koma sa auduga ɗaya wuni guda, wanda ya fi muni. Ƙyalle na auduga zalla, mai laushi, wanda aka wanke, ba shi da laifi. Laifin yana wajen shanya. A gidajenmu na haya, inda ɗaki goma ke raba igiya ɗaya a tsakar gida, yarinya na jin kunya sai ta tura shi ƙarƙashin katifa da damshinsa, ya yi funfuna, gobe ta ɗauka ta sa. Ki koya musu a fara jiƙa shi a ruwan sanyi, don ruwan zafi na kama jini a zare, a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana. In kunya ce, a yafa wani siririn mayafi a kansa a kan igiyar, babu mai tambaya. Lokacin damina in rana ta ƙi, a bi shi da dutsen guga. Takardar bayan gida da soso na katifa da jarida kuwa ba abin sawa ba ne.

Wanki kuma na waje ne kawai, da ruwa mai tsafta, daga gaba zuwa baya, don kada a jawo ƙwayoyin cutar bayan gida zuwa mafitsara. Cikin gaba yana wanke kansa da kansa, yana da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare shi. Duk abin da aka cusa, ko sabulu mai ƙamshi, ko ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗiga wa a bokiti, ko alif, ko bagaruwa, yana kashe waɗannan masu tsaron, daga nan ƙaiƙayi ya zo, ita kuma ta ƙara wanki, ƙaiƙayin ya ƙaru. Za su tambaye ki miski bayan wankan tsarki. Ni abin da nake ce musu, a shafa kaɗan a waje ko a kamfai, kada a tura ciki, kuma in ya yi zafi a bari, don abin da ake sayarwa a kwalba yanzu ba kowane ne ka san me aka zuba ba. Wanka kuma ba a daina shi don ana al'ada. Rashin salla bai hana wanka ba, amma za ki tarar da yaran da suka haɗa biyun.

Zubar da auduga ba ya buƙatar dogon bayani: a naɗe a leda ko takarda a sa a shara mai murfi, kada a jefa a masai mai ruwa, yana toshe shi. Wasu iyaye suna sa 'ya'yansu su wanke jinin kafin su yar. Ba dole ba ne ta fuskar lafiya, amma ba na faɗa da su a kai, in dai za a wanke hannu da sabulu bayan nan.

Ciwon mara shi ne zuciyar zaman, ki ba shi minti ashirin, don shi ke hana su zuwa aji. Mahaifa tsoka ce. Lokacin da shimfiɗar za ta fita, jiki na sakin wani sinadari mai suna furostagilandin wanda ke sa tsokar ta matse, kamar yadda ake matse tsumma. In ya yi yawa sai matsewar ta yi ƙarfi har jini ya ragu a tsokar, ciwo ya taso. Shi ne kuma ke kawo tashin zuciya da gudawa da ciwon baya da na cinya a ranar farko. Irin wannan ciwo yana da kamanni da za a iya ganewa: yana farawa awoyi kaɗan kafin jini ko tare da shi, ya fi tsanani rana ta ɗaya da ta biyu, ya lafa kafin ta uku ta wuce. Ba shan sukari ne ya kawo shi ba, ba ruwan sanyi ba, ba kuma alama ce ta cewa yarinya ta san namiji ba. Wannan na ƙarshe ki faɗe shi a fili, don akwai yaran da ke ɓoye ciwo saboda tsoron wannan zargi.

Abu na farko shi ne ɗumi. A zuba ruwan zafi a kwalba, a naɗe da tawul, a ɗora a mara kamar minti ashirin. A naɗe ɗin nan ki nanata, na ga mara da ta sale saboda an ɗora kwalba a fata kai tsaye an yi barci. Tafiya da motsa jiki ma suna rage shi, ko da yake mai ciwo ba ta son jin haka.

Sai magani. Wanda ya fi dacewa da wannan ciwo shi ne ibufurofen, don yana hana jiki ƙera sinadarin da na ambata. Sirrinsa lokaci ne. Ba ya goge wanda aka riga aka ƙera, sabo yake hanawa, shi ya sa wadda ta jira har ta fara birgima a tabarma kafin ta sha take cewa ba ya mata aiki. A sha da zarar an ji tsinken ciwon farko ko an ga ɗigon farko, kuma a nan ne kalandar ta biya kuɗinta. Ga mai shekara 12 zuwa sama, miligiram 200 zuwa 400 ne bayan kowace awa 6 zuwa 8, kada ya wuce 1,200 a wuni, a sha bayan an ci abinci, ko da kokon safe da ƙosai ne, na kwana biyu ko uku kawai. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai asma da irin wannan magani ke tayar mata, da wadda jininta ba ya saurin tsayawa, duk ba za su sha ba sai likita ya ce. Su farasitamol ne nasu: mai shekara 12 zuwa 15 ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 zuwa ɗaya da rabi, bayan awa 4 zuwa 6, kada ya wuce sau huɗu a wuni. 'Yan ƙasa da 12 kuwa a tambayi nas, don da nauyinsu ake aunawa. Ke dai ba za ki raba magani a aji ba. Kina faɗa musu ne don su san abin da za su nema tare da iyayensu, su kuma gane in mai shagon magani ya haɗa musu abin da bai dace ba.

Kuma yana haɗawa. Yarinya za ta je da sidi kaɗan ta ce mara na ciwo, a ƙulla mata ƙwayoyi kala uku a leda ba suna. Sau da yawa ibufurofen ne da dikulofenak, waɗanda dangi ɗaya ne, shan su tare ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ci ciki. Asfirin ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne, kuma yana ƙara zubar jini. Tiramol ba shi da gurbi a nan ko kaɗan. Haka al'adar shan filajil ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowace al'ada "don wanke ciki", babu abin da yake wankewa, sai ma ya jawo farin ƙaiƙayi. Jiƙon kanwa ma ki hana, gishiri ne mai ƙarfi da ba a san adadinsa ba, ana kuma sha a cikin da babu abinci.

Ki ware maganar masu sikila da kanta. A ƙasar nan kusan jarirai biyu cikin ɗari ana haifarsu da ita, kuma a Kumasi ne aka fara gwajin jarirai tun 1995, a asibitin Komfo Anokye, don haka mai yiwuwa ne a ajinki akwai mai ita wadda ta san tana da ita. Al'ada kan tayar wa wasunsu ciwon ƙashi, sukan kuma makara kafin su fara. Irin wannan yarinya ta sha ruwa sosai a kwanakin, ta bi tsarin maganin da asibitinta ya ba ta, kada ta ɗauki na aji. Ba kya buƙatar ki ce ta ɗaga hannu. Ki faɗa wa kowa, mai ita za ta ɗauka.

Minti goma sha biyar na ƙarshe na alamomin zuwa asibiti ne, kuma na fi so ki koyar da su ta hanyar labari, don jeri a allo ba ya zama a kai. Ga wanda nake bayarwa, na cire duk abin da zai sa a gane ta. Wata yarinya ce 'yar shekara 14, kakarta ta kawo ta asibitin da nake aiki saboda ta faɗi a taron safe na makaranta. Kakar ta ce zazzaɓin sauro ne, an riga an saya mata magani sau biyu. Jikinta ba zafi, gwajin zazzaɓi bai nuna komai ba. Na ja fatar idonta ta ƙasa, fari fat, tafin hannu ma haka, zuciya na bugawa da sauri alhali a zaune take. Na ce kaka ta ɗan jira a waje, na tambayi yarinyar al'adarta. Ta ce lafiya lau. Da na tsaya a nan da na sallame ta da maganin ƙarin jini ta dawo bayan wata uku. Sai na ce, kwana nawa? Ta ce goma sha ɗaya, wani lokaci sha biyu. Auduga nawa a ranakun farko? Ta ce tana haɗa biyu, kuma kafin a fita hutun farko sun jiƙe, da dare sai ta tashi ta canza ko ta ɓata zanin gado. Gudaji fa? Ta nuna min da yatsa, sun fi sulen sidi ɗaya. Wata bakwai ke nan. Me ya hana ki faɗa? Ta ce ai bai kai kwana goma sha biyar ba.

Ma'aunin jininta ya nuna 8.4, inda ake so yarinya mai shekarunta ta kai 12. Likita ya tambaye ta ko tana yawan haɓo, ko dasashinta na jini, ko an taɓa cire mata haƙori jinin ya ƙi tsayawa, ko mahaifiyarta ma haka take, don wasu 'yan matan da ke zubar da jini sosai tun farkon farawarsu matsalar daskarewar jini ce da suka gada. Ita ba ta da ko ɗaya. Nata irin wanda ya fi yawa ne a shekarun farko: ƙwai bai fara fita kowane wata ba, sai shimfiɗar mahaifa ta yi ta kauri, in ta tashi zuba ta zuba babu tsari. An ba ta maganin rage zubar jinin, da ƙwayar ƙarin jini ta kullum na wata uku, aka ce ta riƙa kawo kalandarta. Mun yi da kakar maganar abinci: hanta in an samu, kifi, wake, ganyen kontomire da zogale a miya, lemo bayan abinci, a kuma raba shayi da lokacin shan ƙwayar don yana hana ta shiga jiki. Na gargaɗe su bayan gida zai yi baƙi, kada su tsorata su daina. Kakar ta fi jin tsoron maganin rage jinin, ta ce kada ya hana jikarta haihuwa, sai da muka zauna da ita kusan rabin awa.

In kin gama labarin ki tambayi ajin, a ina ya kamata yarinyar nan ta gane? Su da kansu za su fitar miki da alamomin: jini ya wuce kwana 7, auduga na cika cikin awa ɗaya ko biyu a jere, gudaji manya, jiri da haki in an hau bene, kwaɗayin cin farar ƙasa ko ƙanƙara. Ki tuna musu ƙwayar ƙarin jini da ake ba 'yan mata sau ɗaya a mako a makarantu, shirin da hukumar lafiya da ta ilimi suka fara a 2017. Rigakafi ce, ba maganin hana haihuwa ba ce kamar yadda ake raɗe-raɗi, amma ba ta isa ta warkar da wadda jininta ya riga ya yi ƙasa irin na wannan yarinya ba.

Ragowar alamomin ki ƙara da bakinki. Ciwon da ya hana ta makaranta wata bayan wata duk da ta sha magani daidai kuma a kan lokaci har zagaye uku, ko wanda ke ƙaruwa kowace shekara, ko ke zuwa ba lokacin jini ba, ko ke tsananta wajen bayan gida, ba irin na kowa ba ne. Yana iya zama endometiriyosis, wato irin shimfiɗar mahaifa ta tsiro a wajen mahaifa. Maganar "in kin yi aure kin haihu zai daina" ta sa mata da yawa sun shekara goma suna fama kafin a gano. Wadda ta kai 15 ba ta fara ba, ko ta kai 13 babu alamar ƙirgen dangi, a duba ta. In kuma kowane wata tana ciwon mara amma jini bai taɓa fitowa ba, mara na kumbura, kada a jira ta kai 15, wataƙila hanyar ce a rufe tun haihuwa, kuma ƙaramin aiki ne ke buɗe ta. Wadda ta fara sannan ta ɗauke wata uku cur, ita ma ta je. Ruwan gaba mai wari, ko kore, ko ruwan ɗorawa, ko mai ƙaiƙayi da zafin fitsari, na asibiti ne, ba na shagon magani ba. Waɗannan duka za su iya jiran safiya, a je da katin inshorar lafiya da kalanda.

Waɗanda ba sa jiran safiya uku ne: jinin da ke zuba har ta suma ko ta kasa tsayuwa, ciwon mara tare da zazzaɓi mai zafi, da ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya a gefe guda, musamman in al'ada ta yi jinkiri. Na ƙarshen nan yana iya zama afendis, ko ƙwai ya murɗe, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda in ya fashe yana kisa cikin awoyi. Na san a makarantar Islamiyya ambaton ciki a gaban 'yan mata abu ne mai nauyi, amma ki faɗe shi sau ɗaya, a natse, ba tare da kallon kowa ba.

Sannan ki buɗe kwalin. Ki karanta takardun a zuciyarki tukuna kafin ki karanta a fili, ki sauya kalmomin da za su tona mai rubutun. Wadda ba ki san amsarta ba ki ajiye ta ki kai wa nas ɗin da ke zagaya makarantarku. Wata rana za ki ci karo da takardar da ke cewa wani yana taɓa ta, ko ta yi wata biyu ba ta gani ba kuma tana tsoro. Kada fuskarki ta canza, kada ki karanta ta, kada ki nemi sanin rubutun waye. Ki ce wa ajin duka akwai tambayoyin da suka fi ƙarfin a amsa a taro, kina nan a ofishin malamai mata bayan an tashi, yau da gobe da jibi. In ta zo, kada ki yi mata alkawarin ba za ki faɗa wa kowa ba, don in cin zarafi ne dole a kai ga asibiti da jami'an jin daɗin jama'a ko sashen 'yan sanda mai kula da irin wannan. Ki ce mata ba za ki faɗa wa kowa ba sai wanda zai taimaka, kuma za ki gaya mata kafin ki faɗa. Yawanci ba ranar farko suke zuwa ba, don haka ki zauna a ofishin har rana ta ukun.